Wane Mai Ya Dace Da Leɓen Da Hunturu Ya Tsaga?

Daga watan Nuwamba zuwa na Fabrairu, iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙura da hazo. A Dungu da sauran ƙauyukan Matamaye, masu noman rani da masu saran rake su ne suka fi shan ta, domin tun asuba suna fadama. Leɓe yakan bushe, ya yi ɓawo, ya tsage har jini ya fito.

Me ya sa leɓe ya fi saurin tsagewa?

Fatar leɓe ba ta da kauri, kuma ba ta fid da maiƙo kamar fatar goshi. Shi ya sa busasshiyar iska take zuƙe laimarta da wuri. Mutum yakan lashe leɓensa don ya ji sauƙi, amma miyau yana bushewa nan da nan, ya bar leɓen ya fi dā bushewa.

Aikin man leɓe ɗaya ne: ya rufe fata kamar murfin tulu, don kada laima ta tsere. Saboda haka mai nagari shi ne mai kauri, marar ƙamshi, wanda ba ya zafi.

Waɗanda suka dace

Na farko shi ne basilin fari, wanda ba a sa masa turare ko launi ba. Yana daɗewa bisa leɓe, kuma ba ya saurin lalacewa.

Na biyu shi ne man kaɗe, wanda fatake ke kawowa daga kudu. Yana tausasa fata ƙwarai. A sansana shi kafin a saya. In yana warin tsami ko ɗoyi, ya tsufa, a bar shi.

Man gyaɗa da man shanu suna taimakawa in babu waɗancan, sai dai ba su jimawa, ana lashe su da wuri.

Waɗanda ba su dace ba

Man zafi, wanda ake shafawa don mura ko ciwon jiki, ba na leɓe ba ne. Akwai kafur da sinadarin na'ana'a a cikinsa. Sanyin da ake ji yaudara ce, domin suna ƙara busar da fata. Kada a shafa wa jariri shi a baki ko a hanci.

Haka nan a guji mai mai turare, da man sa hasken fata. Abin da aka shafa a leɓe, wani sashensa cikin ciki yake zuwa. Ga ƙa'ida mai sauƙi: man da ya yi maka raɗaɗi ko ƙaiƙayi, ba aiki yake yi ba, ɓarna yake yi.

Yadda za ki haɗa naki a gida

Uwargida, nemi kakin zuma mai tsabta cokali 1, man kaɗe cokali 2, man gyaɗa cokali 2. Zuba su cikin ƙaramin kwano, ki sa kwanon cikin tukunyar ruwan zafi har su narke. Kada ki ɗora kwanon kai tsaye bisa wuta, man zai ƙone. Ki motsa, ki tace da tsabtataccen ƙyalle cikin ƴar kwalba mai murfi, ki bari ya daskare. In ya yi tauri da yawa, ki sake narka shi, ki ƙara man gyaɗa kaɗan. In ya yi ruwa-ruwa, ki ƙara kaki.

Yadda ake shafawa

A ɗauki misalin mai lambu da ke fita ban ruwa. Kafin ya fita, sai ya wanke hannu, ya jiƙa leɓe da ruwa don ƙura ta fita, sannan ya shafa man kaɗan tun leɓen yana da danshi. Ya rufe baki da rawani. Ya sake shafawa bayan cin abinci, da bayan shan rake ko cin goro. Da dare ya shafa da kauri kafin ya kwanta. Kada ya ɓare ɓawon da haƙori ko da farce, zai faɗi da kansa. Ya riƙa shan ruwa ko da sanyi ya hana shi jin ƙishirwa.

Yaushe za a je gidan likita?

In an bi wannan hanya, leɓe yakan warke cikin mako 2 zuwa 3. In ya ƙi warkewa, ko ya kumbura, ko yana fid da mugunya, mai ba zai isa ba. Ƙananan ƙuraje masu ruwa a bakin leɓe suna yaɗuwa, don haka mai su kada ya haɗa kwalbar mai da kowa. Tsagewar kusurwar baki kuwa, wadda akan gani ga yara da mata masu ciki, tana iya nuna ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki. A kai su likita, kuma a ƙara musu wake, zogale, ƙwai da nono.