Almakashi kafin zuƙowa: yadda ake gyara bidiyon koyarwa

A ce wani malami ya naɗi fuskar kwamfutarsa yana koyar da haɗa cinikin shago a Excel. Shi yana ganin komai ras, amma ɗalibarsa a waya take kallo, inda lambobin suka koma kamar tururuwa, ga kuma dogon shiru yana laluben inda zai danna. Manhaja irin CapCut za ta gyara wannan, muddin aka bi aikin daki-daki.

Yanka ake fara yi, domin duk adon da aka ɗora kafin yanka zai iya gocewa daga muhallinsa. A dubi zanen sautin da ke ƙasan bidiyon: inda ya kwanta shamal, nan ne shiru. A danna Split a farkonsa da ƙarshensa, a goge tsakiya, amma a bar ɗan numfashi, kamar rabin daƙiƙa, kada kalmomi su riƙa hawan juna.

Sai dai ba kowane shiru ake yankewa ba, kuma a nan ne masu gaggawa suke cutar ɗalibi. Da malamin ya rubuta =SUM(B2:B10) ya danna Enter, jimilla ta fito, wannan shirun na mai kallo ne. A bar masa daƙiƙa 2 ko 3 ya ga abin da ya sauya, ya gwada da nasa. A ganina, gara bidiyo ya ɗan yi tsawo da a tilasta wa mutum komawa baya yana ƙona data.

Daga nan sai zuƙowa. Ana sa alama biyu, wato ɗan lu'ulu'un nan da ake kira Keyframe: ta farko a girman 100%, ta biyu bayan kamar rabin daƙiƙa a 150%, an karkato hoton kan gidan da ake rubutu. Kada a koma baya sai an gama matakin. Zuƙowa tana da iyaka. Bidiyon da aka naɗa a 1920 × 1080, in aka kai shi 200%, ɗigo 960 × 540 kawai ake shimfiɗawa a kan allon duka, shi ya sa haruffa ke yin dishi-dishi. Maganinsa tun wajen naɗi yake: a ƙara girman rubutun Excel kafin a fara.

Alamar jan hankali kuwa guda ɗaya ta isa a lokaci guda. Jan akwati ya kewaye wurin daƙiƙa ɗaya kafin a danna, ya ɓace bayan an danna, don ido ya riga linzami isa wurin. In lambar asusu ko saƙon wani ya faɗo cikin hoton, a rufe shi ruf.

Kafin a raba bidiyon, a tura shi waya a kalla ba sauti. Duk matakin da aka kasa bi da ido kaɗai, can ne za a koma a ƙara zuƙowa ko a tsawaita shirun.