"Sayo Mai": Wane Man Ake Nufi?

Uwargida ta aika wa ƙanen mijinta saƙon waya yana kasuwa: "Ka taho da mai na dubu biyu." Babu kuskure ko ɗaya a jimlar, amma ta bar shi da zaɓi har biyar: man gyaɗa, man ja, man shanu, man shafawa, ko fetur. Duk "mai" ake ce musu, kuma furucinsu ɗaya ne.

Yawanci ba a samun matsala, domin ba kalmar kaɗai mai sauraro yake dubawa ba. Yana duba wanda ya yi maganar, da lokacin, da abin da aka miƙa masa. In direba ya ce "ba mai", ba wanda zai nufi wurin mai ƙuli-ƙuli. In kuwa aka ba yaro kwalba daga madafa, ya san na miya ne; in jarka ce daga bayan ɗaki, gidan mai zai nufa. Mazubin ya ƙarasa zancen da baki ya taƙaita.

Saƙon waya ba ya zuwa da kwalba ko jarka. Rikicin kuma yakan taso ne idan buƙatu biyu suka haɗu a lokaci guda. A ce magariba ta gabato, an ɗauke wuta tun safe, janareta ba ko ɗigo, ga tukunya a kan murhu. Shi ƙanen miji, da zafin jiya ke ransa, sai ya sayo fetur, ita kuwa suyar albasa take jira. Wannan da sauƙi, asarar lokaci ce kawai. Mai haɗarin shi ne a ce wa yaro "zuba wa risho mai", ana nufin kananzir, shi kuma ya ɗauko fetur.

Akwai wasu kalmomin da kunne ke rarrabewa, rubutu ne ke haɗe su. "Gari" na mazauni gajeren wasali ne a gaɓar farko, na tuwo kuwa jan sa ake yi. "Kuka" na hawaye da na miya karin sauti ne ya raba su. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya, shi ya sa "ina gari?" a rubuce kan iya zama gaisuwa ko cigiyar abin tuwo. Irin waɗannan kira ɗaya ya warware su. Amma "mai" ko an kira yana nan yadda yake.

A ganina nauyin yana kan mai aike, domin yaro na jin nauyin ya sake tambayar babba, sai ya tafi da zato. Kalma ɗaya ta isa: man gyaɗa, man janareta. Wanda aka aika kuma, maimakon "wanne?", gara ya ce, "Yaya, na girki ko na inji?"