Taro Biyar, Ɗaki Nawa Za a Buɗe?

A ce kai ne mai kula da ɗakunan taro, aka miƙo maka takardar ranar Asabar ɗauke da tarurruka biyar. Na farko daga 9:00 zuwa 10:30, na biyu 9:30 zuwa 11:00, na uku 10:00 zuwa 12:00, na huɗu 10:30 zuwa 11:30, na biyar kuma 11:00 zuwa 12:30. Kowane ɗaki yana cin kuɗi, ga shara, ga man janareto. Nawa za su ishe ka?

Masana kwamfuta suna da dabarar da biro da takarda ma sun isa a yi ta. Ka jera lokutan farawa daga na fari zuwa na ƙarshe: 9:00, 9:30, 10:00, 10:30, 11:00. A wani layin ka jera na tashi: 10:30, 11:00, 11:30, 12:00, 12:30. Abin da ya fi burge ni shi ne, daga nan babu ruwanka da sunan taro. Mai gadi da ke bakin ƙofa yana karɓar makulli ba ya tambayar wa ya dawo da shi. Shi dai ɗaki ya samu.

Sai ka bi agogo. In taro ya fara, ƙara ɗaya. In wani ya tashi, rage ɗaya. Da 9:00 ɗaki ɗaya ne a cike, da 9:30 biyu, da 10:00 uku, don har yanzu ba wanda ya tashi. Da 10:30 wani ya fita, wani ya shiga, ana nan a uku. Haka ma da 11:00. Adadi mafi girma da ka gani a hanya, wato uku, shi ne amsa. Biyu ba za su isa ba, tunda da 10:00 taro uku ke gudana lokaci guda. Na huɗu kuwa asara ne, domin duk mai shigowa daga baya yana tarar da ɗakin da aka bari.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wannan 10:30 ɗin. In ka ƙirga mai shigowa kafin ka sallami mai fita, lissafi zai ba ka huɗu. Amma fa in da gaske ana buƙatar minti 15 na shara da gyara kujeru, ƙara su a kan kowane lokacin tashi. Tashin farko ya koma 10:45, kuma a nan huɗun ce gaskiya.

Dabarar ta ɗauka duk ɗakunan girmansu ɗaya ne, kuma adadi kawai take bayarwa, ba ta faɗin wa zai shiga ina. Saboda haka, mai karatu, kafin ka raba makullai, tambayi kowace ƙungiya mutum nawa za ta kawo.