Ƙafa uku, fitila takwas: yadda aisi mai lamba 74HC595 ke ƙara wa Arduino ƙafafu

Allon Arduino Uno, wanda ɗaliban lantarki da yawa ke fara koyo da shi, yana da ƙafafu 14 na kunnawa da kashewa, ga wasu shida da aka tanada don auna ƙarfin wuta. A ido kamar sun wadata. Amma ƙafa ta 0 da ta 1 su ne hanyar da allon ke magana da kwamfuta, don haka akan bar su. Idan mutum ya so jera ƙananan fitilun LED guda takwas, misali don nuna yawan ruwan da ke cikin tanki, ya ba kowace fitila ƙafarta, to takwas sun tafi. Kafin ya ƙara maɓalli biyu da ɗan allon rubutu, ƙafafun sun ƙare, aiki kuwa bai kai rabi ba.

Maganin da masu wannan sana'a suka daɗe suna amfani da shi wani ƙaramin aisi ne mai ƙafa 16, lambarsa 74HC595, wanda kamfanoni irin su Texas Instruments da Nexperia ke ƙerawa. Ana kiran irinsa shif rajista. Ƙafa uku kacal yake karɓa daga maikurokwantirola, wato ƙwaƙwalwar allon, ya mayar da mafita takwas.

Yadda yake yin haka kamar benci ne mai cin mutum takwas, wanda ta gefe ɗaya kawai ake shiga. Duk wanda ya zo sai ya ce a matsa masa, kowa ya gusa wuri ɗaya. Mutanen su ne bit, wato 1 ko 0, a kunne ko a kashe. Arduino na ɗora bit ɗaya a kan ƙafa ta 14 ta aisin, mai suna `SER`, sannan ya buga ƙafa ta 11, `SRCLK`, bugu ɗaya. Da wutar wannan ƙafa ta tashi, bit ɗin ya shiga gurbin farko, na ciki kuma kowa ya gusa gaba. Bugu takwas, gurabe takwas sun cika.

Ƙafa ta uku ita ce ta sa aisin ya yi farin jini. Da a ce fitilun na manne kai tsaye da waɗannan gurabe, da duk lokacin da ake tura sabon saƙo sai a ga haske na gilmawa a kan fitilun da bai kamata su kama ba. Don haka aka sa ma'ajiya ta biyu a cikin aisin, ita ce ke riƙe da mafitar. Ana ta tura bit a ciki, fitilu na nan yadda suke, sai an buga ƙafa ta 12, `RCLK`, sannan takwas ɗin su sauya lokaci guda. Bayan haka aisin zai riƙe su a haka, Arduino ya tafi wani aikin, har sai an aiko da sabon saƙo ko an ɗauke wuta.

Haɗin ba shi da wuya. Ƙafa ta 16 ta tafi bolt 5, ta 8 ta tafi `GND`. Ƙafafun Arduino na 2 da 3 da 4 su tafi na 14 da 11 da 12 na aisin, bi da bi. Mafita ta farko, `QA`, tana kan ƙafa ta 15 ita kaɗai a wancan gefen, sauran bakwai, `QB` zuwa `QH`, suna jere daga ƙafa ta 1 zuwa ta 7. Wannan warewa ta `QA` na yawan ruɗa masu koyo, su fara ƙirga daga ƙafa ta 1, su ga tsarin ya goce da fitila ɗaya. Bayan an saita ƙafafun Arduino uku a matsayin `OUTPUT`, layi uku sun isa:

```
digitalWrite(4, LOW);
shiftOut(2, 3, MSBFIRST, 0b00000101);
digitalWrite(4, HIGH);
```

Kalmar `MSBFIRST` na nufin a fara da bit na can hagu. Wanda ya fara shiga shi ke gusawa har ƙarshen benci, saboda haka sifirin farko zai tsaya a `QH`, 1 na ƙarshe kuma a `QA`. Fitila ta farko da ta uku za su kama. Idan aka ga ta takwas da ta shida ne suka kama, babu abin da ya lalace. Ko dai an rubuta `LSBFIRST`, ko an jera wayoyin a juye.

Inda mutane suka fi yin sakaci shi ne lissafin wuta. Kowace fitila na buƙatar rezistanta. Jar fitila na cin kusan bolt 2, saura bolt 3 daga cikin 5. Rezista mai om 220, wanda ake yawan gani a zane-zanen koyo, zai bar kusan miliamfa 13 su wuce. Fitila ɗaya ba komai ba ne, amma takwas a kunne, a lissafi, sun haura 100. Takardar bayanin aisin kuwa ta ce jimillar abin da zai bi ta ƙafarsa ta wuta kada ya wuce miliamfa 70, wannan ma iyaka ce ta ƙarshe, ba wurin zama ba. Sau da yawa aisin kan jure, ya yi aikinsa a kan tebur, shi ya sa kuskuren ke yaɗuwa daga hannu zuwa hannu. Jurewa dai ba lasisi ba ce. Rezista mai om 470 zai ba kowace fitila kusan miliamfa 6, takwas su tashi wajen 50, kuma fitilun zamani na haske sosai da wannan. Wanda ya yi rowa ya haɗa takwas ɗin a kan rezista ɗaya zai ga hasken na dusashewa gwargwadon yawan waɗanda ke kunne. Idan kuwa manyan fitilu ake son tuƙawa, sai a koma ga `TPIC6B595`, wanda kowace mafitarsa ke ɗaukar miliamfa 150, sai dai shi janyo wuta yake zuwa `GND`, ba ya bayarwa.

Akwai ƙafafu biyu da ake mantawa. Ta 10, `SRCLR`, mai share gurabe ce, dole a ɗaure ta a bolt 5. Ta 13, `OE`, mai buɗe mafita ce, a ɗaure ta a `GND`. Idan aka bar ɗaya daga cikinsu tana lilo ba a haɗa ta da komai ba, fitilu za su riƙa kamawa suna mutuwa ba dalili, wani lokaci ma da an kai hannu kusa. Duk wanda ya ga wannan alama, nan zai fara dubawa kafin ya zargi manhajarsa. A kuma sa ƙaramin kafasita mai nanofarad 100 tsakanin ƙafa ta 16 da ta 8, kusa da jikin aisin.

To idan takwas ba su isa ba fa? Bit ɗin da ya kai gurbi na takwas yana bayyana a ƙafa ta 9. A haɗa ta da ƙafa ta 14 ta wani aisin, su biyun su yi tarayya a `SRCLK` da `RCLK`, sai a samu mafita 16 da ƙafafun nan uku dai. Za a kira `shiftOut` sau biyu kafin a buga `RCLK` sau ɗaya, kuma saƙon da aka fara turawa shi ke sauka a aisi na nesa. Aisi huɗu za su ba da mafita 32. A nan sai mai haɗawa ya sake zama ya yi lissafi, domin fitila 32 a miliamfa 6 sun kusa cin 200, ramin USB na kwamfuta irin na da kuwa miliamfa 500 yake bayarwa gaba ɗaya, har da abin da allon kansa ke ci.