Layi Biyu, Mudu Biyu: Yadda Zanen Alƙaluma Ke Ruɗar Mai Karatu

Hausawa kan ce gani ya kori ji, kuma a kan wannan amana da mutum ya ba idonsa zanen alƙaluma yake rayuwa. Mai karanta jarida ba ya tsayawa lissafi idan ya ga layi biyu a zane ɗaya. Ya ga wanne ne a sama, wanne ya hau, a ina suka gitta juna, shi ke nan ya yanke hukunci. Matsalar tana zuwa ne idan kowane layi da nasa ma'aunin, ɗaya ana karanta shi da lambobin da ke gefen hagu, ɗayan kuma da na gefen dama. Ra'ayina shi ne, a irin wannan zane duk abin da ido ya fara gani zaɓin mai zanen ne, alƙaluman ba su faɗe shi ba, don haka ya kamata a guje masa sai a wurare ƙalilan.

A ranar 29 ga Satumba, 2015, wani kwamitin Majalisar Wakilan Amurka ya gayyaci Cecile Richards, shugabar ƙungiyar Planned Parenthood, domin ta amsa tambayoyi. Shugaban kwamitin, Jason Chaffetz, ya nuna wani zane da ƙungiyar Americans United for Life ta shirya. Layi ɗaya na gwaje-gwajen cutar kansa da ayyukan rigakafinta da Planned Parenthood ta yi ne, yana gangarowa daga 2006 zuwa 2013. Ɗayan na zubar da ciki ne, yana hawa a cikin waɗannan shekaru. Layukan sun gitta juna a tsakiya, har a ƙarshe na zubar da cikin ya koma sama. Duk wanda ya kalla zai ɗauka cewa zubar da ciki ya zarce gwajin kansa yawa. Amma lambobin da aka rubuta a jikin zanen da kansa sun ƙaryata hakan: gwaje-gwajen sun sauko daga kimanin miliyan 2 zuwa kimanin 936,000, zubar da cikin kuwa ya tashi daga kimanin 290,000 zuwa 327,000. Ke nan a 2013 ma gwaje-gwajen sun kusa ninka ɗayan sau uku. Ko wane ɓangare mutum ya tsaya a muhawarar zubar da ciki, an ɗora 327,000 a saman 936,000, kuma wannan ba daidai ba ne.

Zanen bai ma rubuta ma'auni a gefe ba, amma ma'auni biyu ne ɓoye a cikinsa, kuma ko da an rubuta su cutar ba za ta warke ba. A ɗauki alƙaluman zubar da cikin kaɗai. Idan ma'aunin dama ya fara daga 280,000 ya tsaya a 330,000, layin zai taso daga kusan ƙasan zane ya kai dab da ƙololuwa. Idan kuwa ya fara daga sifili ya kai miliyan biyu da rabi, layin zai kwanta a ƙasa, da ƙyar a ga motsinsa. Lamba ko ɗaya ba a taɓa ba, amma labarin ya sauya gaba ɗaya. Haka wurin da layukan suke gitta juna: a ɗan matsa ma'auni ɗaya, haɗuwar ta koma wata shekara, ko ta ɓace. Kamar a auna gero da babban mudu ne, a auna dawa da ƙarami, sannan a ce dawar ta fi mudu yawa.

Ruɗin yana da wata fuskar. Duk abubuwa biyu da suke ƙaruwa a lokaci guda, ana iya miƙa ma'aunin ɗaya, a takura na ɗayan, har layukan su kwanta a kan juna kamar igiya biyu da aka tufka. Mai kallo sai ya ce wannan ne ya jawo wancan. Tyler Vigen ya tara irin waɗannan zane-zane da gangan domin ya nuna haɗarin, ciki har da wanda ya jera yawan cin man majarin a Amurka da yawan mutuwar aure a jihar Maine, layukan suna tafiya kafaɗa da kafaɗa alhali ba abin da ya haɗa su.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ta cancanci amsa. Sukan ce akwai abubuwan da ma'auninsu ya bambanta, kamar ruwan sama da zafi, kuma dole a gan su tare. Gaskiya ne, masana yanayi suna da zanen Walter da Lieth mai ma'auni biyu. Sai dai a can ba a bar wa mai zane zaɓi ba: digiri 10 na zafi yana daidai da milimita 20 na ruwa, kuma an tsayar da ƙa'idar ne domin watan da layin ruwa ya faɗi ƙasa da na zafi ya zama watan fari. Haɗuwar layukan tana da ma'ana saboda an yi ittifaƙi a kanta tun kafin a zana. Haka ma idan abu ɗaya ne aka rubuta da awo iri biyu, kilomita a hagu, mil a dama, domin layi ɗaya ne kuma lissafi ne ya ɗaure gefen biyu. Wasu kuma sukan ce ai an rubuta lambobin, mai karatu ya duba. Amma zanen da sai an ƙi yarda da siffarsa kafin a fahimce shi ya gaza aikin da aka yi shi dominsa.

Mafita ba ta da wuya. Idan abubuwan biyu awonsu ɗaya ne, kamar a misalin Amurka inda duka ƙirge ne na ayyuka, a sa su a ma'auni ɗaya daga sifili. Nan take za a ga layin gwaji yana gangarowa sosai, na zubar da ciki yana kwance can ƙasa, ba su taɓa haɗuwa ba. Idan saurin canji ake son kwatantawa, a mai da shekarar farko 100 ga kowannensu: a 2013 gwaji ya koma kimanin 47, zubar da ciki ya kai kimanin 113. Wannan ya nuna faɗuwar da ta wuce rabi a gefe guda da ƙaruwar kashi 13 cikin 100 a ɗaya gefen. Iyakar wannan hanya ita ce tana ɓoye ainihin yawan kowanne, kuma sauya shekarar tushe yana sauya siffar, don haka dole a bayyana shekarar a fili. Idan kuwa awon ya sha bamban, kamar farashin abinci da yawan ruwan sama, a yi zane biyu, ɗaya a saman ɗaya, shekarunsu a jere daidai. Ido zai bi lokaci daga sama zuwa ƙasa, kuma babu haɗuwar ƙarya da za ta yaudare shi.

Manhajar Excel tana ba da tsarin ma'auni biyu da dannawa ɗaya a kan Secondary Axis, ita ce kuma take zaɓar farko da ƙarshen ma'aunin idan ba a gyara ba, shi ya sa mai gaskiya ma yakan ruɗi jama'a bai sani ba. Mai karatu yana da abin da zai kare kansa da shi. Ya duba ko akwai lambobi a gefe biyu, ya ga daga ina kowanne ya fara, sannan ya karanta lambar ƙarshe ta kowane layi ya kwatanta su da kansa. Da 'yan kwamitin nan sun karanta lambobi biyun ƙarshe da ke jikin zanen, da sun gane cewa layin da ke sama shi ne ƙarami.