Ribar Wata da Ribar Shekara a Lissafin Noma

Manomin Kunduru da ya zuba Naira 1,000,000 a gonar masara cikin Yuni, ya ajiye amfanin har farashi ya tashi a Maris ya sayar Naira 1,300,000, sai ya ce ya ci ribar dubu ɗari uku. Amma mai hisabi tambayarsa ita ce watanni nawa kuɗin suka yi a ɗaure. Idan kuɗin ruwan banki kashi 30 ne a shekara, kasa shi gida 12 kuskure ne, domin riba tana hawa kan riba: na wata kashi 2.2 ne, ba 2.5 ba. Mayar da cinikin Maris baya watanni tara da wannan ma'auni, ƙimarsa a Yuni kimanin Naira 1,068,000 ce, alhali da 2.5 sai ta sauka kusan 1,041,000.