Wa Zai Riƙe Kanti In Tsofaffi Sun Huta?

Sau da yawa kasuwancin gida ba mai gida kaɗai ke riƙe da shi ba. Akwai tsohon akawu da mai kula da sito, waɗanda suka san wanda ake bi bashi, da wanda in an ba shi kaya ba ya biya. Wannan sani a kansu yake, ba a takarda ba. Ran da suka yi murabus, sai ya bi su gida.

Mu dubi gidan Alhassan Ɗantata na Kano. Ɗansa Aminu ya shiga harkar a 1948, yana sayen amfanin gona. Da tsohon ya rasu a 1955, Ahmadu ya karɓi shugabanci. Shi ma ya rasu a 1960, sai Aminu ya hau. Ka ga ya yi shekara 12 yana koyo a ƙarƙashin manya.

Saboda haka tun kafin dattijo ya ajiye aiki, a zaunar da magajinsa kusa da shi. Su rubuta bashi duka a littafi, ya kai shi wurin dillalai da banki su san fuskarsa. Sannan a sakar masa maɓalli, tsohon ya koma ba da shawara.

Ga yadda za a gane ko an dace: dattijo ya tafi hutun wata guda. In kullum sai an aika gidansa tambaya, to, da sauran aiki.